Muhawara: Wai baƙin ido ba ya karɓar canjin launi a gyaran hoto?

Sadiƙu: Na gaji wallahi. Hoton amarya bayan hoton amarya, an mayar da ido kamar na kyanwa, ƙyallin fitila ya koma kore, zare-zaren ƙwayar ido sun shafe. Ku yarda kawai: baƙin ido ba ya karɓar canjin launi. Duk wanda ya ce zai canja shi ba a gane ba, kuɗin mutane yake ci.

Malam Habu: Sadiƙu, gyara kalma ɗaya. Babu baƙin ido a nan. Tsakiyar ƙwayar ce baƙa, don rami ne da haske ke shiga. Zoben da ke kewaye da ita ruwan ƙasa ne mai duhu. Buɗe Info a Photoshop ka ɗora linzami a kai, za ka ga abu kamar R 42, G 27, B 20. Ja ya fi shuɗi, ke nan launi yana nan, haske ne ya yi masa kaɗan.

Ɗanliti: Haba Malam, kowa baƙin ido yake cewa. Yanzu Hausar ma sai an auna ta da Info?

Maman Ilham: Ɗanliti, ai a nan aikin yake. In ka ɗauka baƙi ne, fenti za ka shafa a kai. In ka san ruwan ƙasa ne, haskaka shi za ka fara yi.

Sadiƙu: 42 cikin 255 ai baƙi ne a wurin mai kallo.

Oga Nura: Ku bar wahalar da kanku. Sabon Layer, a sa shi a Color, a shafa launin da buroshi. Color ba ya taɓa haske da duhu, don haka ƙyalli ba ya lalacewa. Shi ke nan.

Malam Habu: Rabin gaskiya ne, Oga. Color ba ya iya rina farin da ya kai 255, wannan haka ne. Amma ƙyallin lemar fitilar ɗaukar hoto ko na taga sau da yawa bai kai can ba, yana tsakanin 200 da 240, gefensa kuma ya fi haka duhu. Wannan zai sha launi, shi ne koren ƙyallin da Sadiƙu yake kuka da shi. Ƙyalli a saman gilashin ido yake, launin fitila yake ɗauka, babu ruwansa da launin ƙwaya. Sannan a kan 42, Color kusan ba zai nuna komai ba. Mutum sai ya yi ta ƙara Saturation, ko ya koma Normal, a nan zare-zaren suke mutuwa.

Maman Ilham: To Malam, ba mu daki-daki. Amarya mai ido ruwan ƙasa mai duhu, tana son ya ɗan koma ruwan zuma.

Malam Habu: Da RAW ake farawa, a 16-bit. Curves ne farko: sa ɗigo ka ɗaga Input 40 zuwa Output 65 ko 70, kada ka wuce nan, ka mayar da shi Luminosity, in ba haka ba idon zai yi ja kamar na mai ciwon ido. Danna Ctrl+I ka baƙanta Layer Mask ɗin, ka ɗauki farin buroshi, Hardness 0, Flow 8 zuwa 10, ka riƙa shafawa a hankali. Kada ka haskaka zoben gaba ɗaya. Haske yana shiga ta wajen ƙyalli ya faɗa ɗaya ɓangaren: in ƙyallin yana wajen ƙarfe 10 na agogo, inda ya kamata ya fi haske shi ne wajen ƙarfe 4. Can za ka fi shafawa. Abu uku ba a taɓa su: baƙar tsakiya, siririn zobe mai duhu da ke bakin farin ido, da inuwar da fatar ido ta sama take saukarwa. Inuwar nan in ta tafi, idon sai ya zama kamar an manna shi.

Bayan haka Hue/Saturation, ka kunna Colorize, Hue wajen 35, Saturation wajen 30, kada ka taɓa Lightness. Sa shi a Color, ka kwafo Layer Mask ɗin Curves ta hanyar riƙe Alt ka ja shi, ka rage Opacity zuwa 30 ko 40. Rage Opacity ɗin ne ke barin launin asali ya leƙo, domin ƙwayar ido ba launi ɗaya ba ce, kusa da tsakiya ta fi ja.

Ɗanliti: Duk wannan na masu kwamfuta ne. Ni wata ta turo min hotonta ta WhatsApp, na yi mata a waya cikin minti biyu, ta ji daɗi. Kun raina masu waya ne kawai.

Oga Nura: Ɗan waya ba ya cikin wannan magana.

Ɗanliti: Oga, da me ka fara kai?

Maman Ilham: Ba raini ba ne, Ɗanliti. Hoton da WhatsApp ya matse, duhun cikinsa an riga an daddage shi. Ka haskaka ƙwayar ka gani, ƙananan murabba'ai za su fito maimakon zare-zare. Abin da ba ya cikin hoton, ko kwamfuta ba za ta fito da shi ba. A turo shi a Document in ana son aiki.

Sadiƙu: Yawwa! Ke nan baƙi ne, ba ya karɓa.

Maman Ilham: Ban ce haka ba. Na ce hoton da aka matse.

Hamisu: Ni tambayata, ƙyallin fitilar zobe da ya hau kan baƙar tsakiya, ya ake cire shi?

Oga Nura: Ana maganar kare shi, kana maganar cire shi.

Malam Habu: Mu koma kan karewar. Danna sau biyu a kan Layer ɗin launi, ka je Blend If, Underlying Layer. Jawo farar kibiyar dama zuwa wajen 220, ka riƙe Alt ka raba ta, ka kai rabin hagun wajen 170. Launi zai janye daga ƙyalli a hankali, babu kaifin baki. Yi wa Curves ma haka. In ba ka raba kibiyar ba, za ka ga ƙyallin da zagaye mai kaushi.

Oga Nura: Blend If ɓata lokaci ne. Baƙin buroshi, Hardness 70, danna sau ɗaya a kan ƙyalli, an gama. Haka ogana ya koya min, haka nake koya wa yarana.

Maman Ilham: Buroshi zagaye ne, ƙyallin taga kuma mai kusurwa huɗu. Ko dai ka bar kusurwoyin a rine, ko ka buɗe da'irar tsohon launi a gefensa.

Malam Habu: Amma Oga yana da gaskiya a wuri ɗaya. Akwai hoton sama ko na farin bango da ke kwanciya a kan ido dishi-dishi, haskensa bai wuce 100 ko 120 ba. Blend If ba zai kama shi ba sai ya cinye launin gaba ɗaya. Wannan sai da hannu: baƙin buroshi, Flow 10, a rage launin a wurin har shuɗi-shuɗin asali ya dawo. Danna \ ka ga inda ka shafa.

Oga Nura: Alhamdulillahi, Malam ya dawo hanya.

Malam Habu: A wuri ɗaya na ce.

Sadiƙu: Har yanzu babu wanda ya ɗora hoto ko ɗaya. Kuma ruwan zuma kuke ta faɗa. Shuɗi fa?

Malam Habu: Shuɗi na son haske ya ninka sau uku ko fiye. A nan ƙura-ƙuran kyamara za su taso kafin zare-zaren, sai dai in an haska idon sosai tun wajen ɗauka. Ni ba zan kira wannan ɗan canji ba.

Oga Nura: A matsayina na shugaban zaure, na rufe. Abin da aka tsayar: ido ba baƙi ba ne, Sadiƙu ya yi kuskure. Hanyar ita ce Color da buroshi kamar yadda na faɗa tun farko, Malam Habu ma ya tabbatar. Curves da Blend If ƙari ne ga mai lokaci. Masu waya su nemi kwamfuta.

Maman Ilham: Oga, ka goge Curves daga idon da ke kan 42 ka ɗora mana abin da ya rage.