Danshin gaba ya rikita min lissafin fitar ƙwai

'Yan uwa mata, don Allah ku taimaka min. Ina neman haihuwa, shi ya sa nake bibiyar danshin gabana. Na san bayan jinin al'ada ana ɗan bushewa, sai ya zo fari mai kauri, daga nan ya tsinke ya yi santsi da yauƙi kamar ruwan ɗanyen ƙwai, alamar ƙwai ya kusa fita.

To ni sau biyu nake ganin mai yauƙin: wajen kwana na 11, ya ɗauke, ya dawo wajen kwana na 18, al'adata kuma kwana 32 take zagayowa. Tunda ƙwai yakan fita kamar kwana 14 kafin jini, na biyun nake zargi. To na farkon fa? Kuma yaya kuke bambance shi da ragowar maniyyi washegarin saduwa? Ba ƙaiƙayi, ba wari.