Kafin a fara gyaran kalma, a duba gini

A wani zama da marubuta suka yi a Jos, an tattauna yadda ake gane ko rubutu na bukatar sake tsari ko gyaran nahawu kawai. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a rubuta jimla ɗaya a gefen kowane sakin layi, mai faɗin aikin da yake yi, sannan a karanta jimlolin nan su kaɗai.

Wata malama ta kawo misalin rahoto kan tsadar dankali a kasuwar Terminus. Da aka fitar da jimlolin, sai ga farashi a sakin layi na biyu, ga shi kuma a na shida, dalilin tsadar kuwa sai can ƙarshe. Wannan, in ji ta, ba gyaran kalma zai warkar da shi ba: a haɗa maganar farashin wuri guda, a dawo da dalilin gaba. Na yarda da ita, domin gyara jimlar da za a yanke gobe ɓata lokaci ne.

In kuwa jimlolin sun bi juna daidai, sai a karanta rubutun da ƙarfi, a gyara jinsi, ɗafi da baƙaƙe masu lanƙwasa.