Raba Muryar Mai Sharhi a Rubutun Ƙasan Allo

Masu tace fim a Kaduna da suka tattauna kan mayar da sharhin shirin gaskiya zuwa rubutun ƙasan allo sun fi tsayawa kan lissafi. Layi kada ya wuce haruffa 42 har da gibin tsakanin kalmomi, layuka biyu kacal, kuma gudun karatu kada ya zarce haruffa 17 a daƙiƙa.

Misalin da aka warware shi ne: "A shekarar 1917 aka mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna." Haruffa 71 ne, don haka tana buƙatar fiye da daƙiƙa 4 a allo. Idan mai sharhi ya faɗe ta cikin daƙiƙa 3, a bar rubutun ya shiga ɗan shirun da ke biye, a kuma cire "shekarar", amma kada a taɓa suna ko lamba.

Wajen yanka layi, a cire "shekarar" sannan a karya bayan "Arewa", don layin farko ya zama haruffa 36 maimakon 45 da suka wuce iyaka. Karyawa bayan "hedikwatar" ko "daga" kan bar ido a rataye, mai kallo ya koma baya yana neman ma'ana, hoton kuwa ya wuce shi.