Kibiyar alƙibla da sauran allunan ɗakin otal: wa ya taɓa yi, yaya ya ƙare?

Mai kula da masauki a Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina kula da wani ƙaramin otal na mahaifinmu mai ɗaki 24, hawa biyu, kuma yawancin baƙinmu 'yan kasuwa ne masu zuwa sari Kantin Kwari da Singa. Watan jiya muka ba da aikin alluna na Hausa da Turanci: na waifai, na lokacin barin ɗaki, na alƙibla, da na hana shan taba. Aikin ya fito tsaf, kala ta hau. Kwana uku da liƙawa wani dattijo daga Damagaram ya sauko bayan Asuba ransa a ɓace, ya ce kibiyar ɗakinsa yamma take nunawa. Na bi shi sama na duba, gaskiyarsa ce. Yaron da ya liƙa sitikar ya manna kowacce a bangon da ke dama da gado, alhali ɗakunan suna kallon juna ne, baranda a tsakiya, don haka na ɓangare ɗaya sun juya wa na ɗaya ɓangaren baya. Ɗaki 12 cur kibiyarsu ta saɓa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin sallar mutane ce. Na sa an ciccire duka. Kafin in sake kashe kuɗi ina so in ji daga waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki.

Direban motar haya, layin Kano zuwa Abuja:

Wa alaikumus salam. Yallaɓai ni ban ga abin wahala ba. Ka rubuta "Gabas" a bangon gabas, a ƙasa ka sa `East`, shi ke nan. Tun muna yara gabas ake cewa a fuskanta, kuma inda rana ke fitowa kowa ya san shi.

Safiyo mai ritaya, Gwammaja:

Malam direba, a bakin Bahaushe ka yi daidai, don idan muka ce mutum ya dubi gabas alƙibla muke nufi. Matsalar tana wajen juya kalmar zuwa Turanci. Baƙon da ya ga `East` zai buɗe kamfas ɗin wayarsa ya nemi digiri 90, alhali daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 ne idan aka fara ƙirga daga arewa. Wato idan ka fuskanci gabas sak, sai ka karkata hagu da kimanin digiri 22. Saboda haka a rubuta "Alƙibla" a sama, `Qibla` a ƙasa, a bar maganar gabas.

Ita kuma mafitar rana ba wuri ɗaya take zama ba. A watan Yuni a nan Kano rana tana ɓullowa ta wajen digiri 66, kusan kan alƙibla. A Disamba, tsakiyar hunturu, ta koma wajen 114. Wanda ya auna da fitowar rana a lokacin sanyi ya kauce da fiye da digiri 40 bai sani ba.

Ɗana mai otal, ga yadda na yi wa wani masauki a hanyar Zariya. Ban auna a cikin ɗaki ba, domin rodin da ke cikin ginin da na'urar sanyaya ɗaki da firji duk suna jan kamfas ɗin waya. Gwada da kanka: tsaya kusa da taga mai ƙarfe, sannan ka koma tsakiyar ɗaki, za ka ga allurar ta sauya. Na fita fili, nesa da motoci da janareta, na ja layin 68 a ƙasa da igiya, na maimaita da waya biyu. Daga nan na auna yadda layin ya kwanta da dogon bangon ginin. Tunda bangwayen ɗakunan duk a jere suke da wannan bango, awo ɗaya ya wadatar da kowane ɗaki a hawa biyun. A wancan ginin an yi sa'a dogon bangon ya miƙe gabas da yamma, sai na ba mai liƙawa ƙa'ida mai sauƙi da tayil: ya ƙirga biyar zuwa gabas, biyu zuwa hagu, ya ja layi daga inda ya fara zuwa inda ya tsaya. Wannan lissafin na ginin da ya miƙe haka ne kawai, naka sai an auna shi.

Kuma kada ka ƙara sa kibiya a jikin bango. Kibiyar da ke tsaye a bango sama take nunawa, ko ƙasa, ko gefe, mai kallo ne zai yi ta hasashe. A silin ake sa ta, a kwance, inda ba mai taɓawa. Idan an gama, a buɗe ƙofofin ɗakuna biyu masu kallon juna, ka tsaya a baranda ka ɗaga kai. Kibiyoyin biyu dole su nufi waje guda. In sun saɓa, ɗaya ba daidai ba ce.

Mai kula da masauki a Fagge:

Baba na gode, Allah ya saka da alheri. Da na san wannan dubawar ta baranda da tun ranar farko na kama kuskuren. To in babu wanda ya iya awo a kusa fa?

Safiyo mai ritaya, Gwammaja:

Akwai hanyar da ba ta buƙatar kamfas, sai dai sau biyu take zuwa a shekara. Wajen 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da wajen 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. A wannan mintin ka rataya igiya mai nauyi a ƙarshenta, ko ka kafa sanda a miƙe a fili. Inuwar za ta kwanta a bayan alƙibla, wato daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sanda shi ne layinka. Sandar mita ɗaya za ta ba ka inuwar da ta ɗan haura rabin mita, ta isa a ja layi. Na fi son ta Mayu, domin a Yuli hadari kan rufe rana.

Malamin Islamiyya, Kurna:

Abin da na karanta wajen malamanmu shi ne wanda yake nesa da Makka fuskantar ɓangaren da Ka'aba take ake nema daga gare shi, ba sai ya saita ginin Ka'aba kamar mai harbi ba. Don haka kada a tsorata mutane da 'yar karkata. Amma juya baya gaba ɗaya kamar yadda ya faru a Fagge wani abu ne daban. Hukuncin waɗanda suka riga suka yi salla a ɗakunan, ka kai wa malamin da ka amince da shi da cikakken bayani.

Ma'aikaciyar tarbar baƙi, Nassarawa:

Ni tawa matsalar ta agogo ce. Shekara shida ina kan kanta, kuma babu abin da ya jawo mini cacar baki kamar `12:00 PM`. Wani bawan Allah ya rantse mini sha biyun dare ya fahimta, ya kulle ɗaki ya tafi Dawanau, sai bayan Isha ya dawo ya tarar an ƙara masa kuɗin kwana. Wanda ya fassara mana allon farko kuma "Lokacin fita" ya rubuta, wata Hajiya ta tambaye ni ko dole ne kowa ya fita waje da rana. Yanzu abin da ke bayan kowace ƙofa shi ne: "Ranar tafiya, a miƙa makulli kafin ƙarfe 12 na rana. Wanda ya wuce ƙarfe 2 zai biya rabin kuɗin kwana." A Turancin muka sa `12 noon`. Layi na biyun nan shi ya kashe rigimar, don mutum ba ya jin haushin doka kamar yadda yake jin haushin kuɗin da ba a gaya masa ba. Wanda har yau ban warware ba shi ne mai isowa ƙarfe 3 na dare, ya ce shi awa 24 ya biya. Da baki nake gaya masa tun kafin ya karɓi makulli, wani ya yarda, wani ya ja jakarsa.

Mai shagon buga takardu da sitika:

Yaya mai otal, kafin a buga maka komai ka ce a fitar da gwaji ɗaya a takarda. Samfurin harufa da yawa a kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito kamar akwati ko su ɓace, "ɗaki" ya koma "aki". Akwai kuma kuskuren ƙwazo: wani yarona ya ga "An hana shan taba", ya ɗauka an manta lanƙwasa, ya mayar da ita "taɓa". Guda 40 muka zubar. Na waifai kuwa, sunan da lambar sirrin ba a fassara su, a rubuta su sau ɗaya tak a tsakiya, manya, kada a maimaita a ƙarƙashin kowane harshe. Kada a sa harafi mai lanƙwasa a lambar sirri, wayar baƙo ba lalle tana da shi ba. A guji `O` da `0`, da `l` da `1`, don a kan allo kusan kamarsu ɗaya. In kana canza lambar duk wata, a yi allon da aljihun roba a riƙa zura 'yar takarda.

Ɗan kasuwa mai zuwa daga Maraɗi:

Ku yi haƙuri in sa baki. Mu da muke zuwa daga Nijar Turancin nan bai amfane mu da komai ba, Hausar muke karantawa, wasu dattawanmu ma sai ajami. Hoton sigari da jan layi kowa ya gane shi. Amma na sha kwana ɗakin da warin shisha ya kama labule, ga allon hana taba a bango.

Ma'aikaciyar tarbar baƙi, Nassarawa:

Alhaji, haka ne. Samari cewa suke shisha ba taba ba ce. Mu mun rubuta "An hana shan sigari da shisha a cikin ɗaki", muka ƙara inda aka ware a waje. Dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a ta 2015 tana nan, amma abin da na ga yana aiki shi ne kiran shishar da sunanta.

Mai kula da masauki a Fagge:

Na rubuta duka. Maganar ajami ban yanke ba, domin allon zai cika da rubutu, sai na ji ta bakin mahaifinmu. Watan Mayu da nisa, ba zan bar ɗakuna babu alama har lokacin ba. Baba safiyo, in za ka samu sarari ranar Asabar da safe, zan turo mota ta ɗauko ka, igiya da tsani suna nan.