Jadawalin makin jarrabawar baka: shin mai hadda yake yi wa aiki?

Mushe Lawali: Malamai 'yan'uwa, ni dai na ce jadawalin nan mai gida huɗu da muke auna Ingilishin baka da shi, sakin baki 5, daidaito 5, yalwar kalmomi da jimloli 5, haɗuwar zance 5, mai hadda yake yi wa aiki. Yaron da ya yi kasada shi ke faɗuwa. Mu koma ba da maki ɗaya cikin 20 kamar da.

Malama Hadiza: Mushe, laifin na aikin da aka ba yaro ne tun kafin a zo kan jadawali. A ce an ba ɗalibai biyu batun ranar Alhamis a kasuwar Dole tun jiya. Na farko ya zo da jimloli takwas gajeru, duk a lokaci mai ci, ba tuntuɓe. Sakin baki 5, daidaito 5, yalwa 2, haɗuwa 4, ya tashi da 16. Ta biyu ta yi jimla talatin, ta shiga shuɗaɗɗen lokaci, ta kawo dalili da sharaɗi, ta yi kuskure shida. Aka ba ta 3, 2, 4, 4, wato 13. To a canza tsari: a ba da batun nan take, minti 1 na shiri, minti 2 na magana, sannan tambaya biyu da bai san da su ba, irin "da ruwa ya sauko ranar, me 'yan kasuwa za su yi?" Nan hadda ke karyewa. Na farkon zai tsaya a tsakiyar jimla yana lalube, ya komo wajen 12. Mai iyawa ma yana tsayawa, amma a gaɓar zance, inda waƙafi zai zauna da rubutu ne.

Malam Ibro: Daidaito ai ba ya son gardama. Kowane kuskure a cire rabin maki, shi ke nan. Shida ta yi, an cire 3, ta samu 2. Ina zaluncin?

Malama Hadiza: Yana cikin lissafin, Malam. Shida cikin talatin ɗaya bisa biyar ne. Wani mai jimla takwas in ya yi biyu, ɗaya bisa huɗu ke nan, ya fi ta yawan kuskure, amma kai 1 kawai za ka cire masa. Ka hukunta ta don ta yi magana. Kuma kuskure ba ɗaya ba ne. Wanda ya mance harafin ƙarshe na aikatau an gane nufinsa. Wanda ya ba da labarin jiya da lokacin gobe ya ɓatar da mai sauraro. Shi ya sa kowane maki ke son bayaninsa a rubuce: 3 na mai kurakurai da ba su rufe ma'ana, 2 na wanda sai ka sake tambayarsa me yake nufi. Da wannan 3 ce tata, jimla 14.

Hajiya Zara: Ni yaranmu "f" da "p" ne ke ba su wuya. A wane gida za a cire musu?

Malam Ibro: Hajiya, jadawalin nan ba shi da gidan lafazi. In furucin ya sauya kalmar har ma'ana ta ɓace, a sa shi a daidaito, sau ɗaya. Kada a sake cirewa a sakin baki. Wasu na cin yaro tara biyu a kan laifi guda.

Mushe Lawali: Na ji, Malama. Amma tambayoyin da kika ƙara, a ina makinsu zai zauna? Ma'aunin harsuna na Majalisar Turai na 2001 gida biyar gare shi, na biyar ɗin musayar zance. Mu mun yanke shi. Ga kuma aji mai 70: minti 5 kowa, minti 350 ke nan, kusan awa shida. Wanda ya shigo na sittin ba kunne ɗaya zai tarar da na farko ba.

Malama Hadiza: Gajiyar malami ta fi yi wa tsarin maki ɗaya cikin 20 illa, don ba abin da za ka jingina da shi. A raba ajin gida huɗu ko biyar, a naɗi muryar aƙalla yara biyar a waya, malamai biyu su ba da maki kowa daban. Gidan da aka samu tazarar 2 ko fiye, bayaninsa ne ke da rauni, a gyara shi. Kuma a cike sakin baki da haɗuwa bayan yaro ya gama, ba a minti na farko ba, don mai zaƙin baki yana jan sauran gidajen sama. Amsoshin tambayoyin kuwa ni a gidaje huɗun nake ganin a auna su.

Mushe Lawali: Nan ban yarda ba. Yaro zai iya yin jimla mai kyau wadda ba ta amsa tambayar ba. Ko a ƙara gida na biyar, kowane ya koma 4, ko a rubuta ƙarara cewa haɗuwar zance ta haɗa da amsa abin da aka tambaya.

Malam Ibro: In an koma 4, sai an sake rubuta bayanin kowane mataki. Wa zai kawo daftarin zaman Asabar?