Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ribishan" a wasiƙar miƙa bidiyon biki?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina ɗaukar bidiyon biki, kuma duk aikin da na gama nakan haɗa shi da 'yar wasiƙa: ga abin da na aiko, ga yadda za ku sauke, ga yadda za ku nemi a taɓa wani abu. Wasiƙar da Turanci take, yanzu ina so in mayar da ita Hausa. Ko'ina ya tafi lafiya sai wuri ɗaya, inda nake cewa kuɗin aikin ya haɗa da "ribishan" guda biyu. Na fara rubuta "gyara biyu". Wani ango ya karanta, ya kira ni ransa a ɓace, wai kurakuran da ya gani sun fi biyu, shi ke nan sauran sai ya biya? Ba haka nake nufi ba ko kaɗan. Nufina shi ne sau biyu zan koma in buɗe aikin, kowane sau in yi duk abin da suka lissafo, ko guda uku ne ko ashirin. Wace kalma ce za ta ɗauki wannan ma'anar?

Ɗan Ofis:
Wa alaikumussalam. Idan wasiƙar da ake haɗawa da takardun neman aiki kake nufi, ai "takardar gabatar da kai" ake cewa. Ka fara da sunanka da ƙwarewarka.

Mai Kyamara:
A'a yallaɓai, ba aiki nake nema ba, aikin ne na gama nake miƙawa. Ita wasiƙar ma na raɗa mata suna, "wasiƙar rakiya", tunda rako bidiyon take yi. Matsalata kalmar da ke cikinta ce.

Ɗan Edita:
Oga, "bita" mana. Tun muna makaranta abin da ake fassara kalmar da shi ke nan. Bita biyu, magana ta ƙare.

Tsohon Tafinta:
Ɗana, ka kama wani gefe na maganar. Bita daidai ce ga ɗalibi, domin shi komawa yake ya sake karanta abin da ya wuce, ba ya sauya ko harafi ɗaya a littafin. A nan kuwa akwai mai bita, amma ba Mai Kyamara ba ne. Ango da amarya su ne za su zauna su yi bitar bidiyon, su rubuta abin da suka gani. Abin da shi zai yi bayan nan wani aiki ne dabam. Saboda haka kada a yar da kalmarka, a sa ta a gurbinta: "ku yi bitar bidiyon cikin kwana goma sha huɗu."

Shi kuma "gyara", angon nan bai yi laifi ba da ya fahimce shi yadda ya fahimta. A kunnen Bahaushe ba a gyara sai abin da ya ɓaci. Da zarar ka ce gyara, ka amsa cewa akwai ɓarna, kuma ba wanda zai yarda a ƙayyade masa yawan ɓarnar da za a gyara masa a abin da ya biya kuɗinsa. Abin da na lura shi ne kalmar Turancin nan ta haɗa abubuwa dabam-dabam a tukunya ɗaya. Mai Kyamara, kafin mu zaɓi kalma, faɗa mana irin abubuwan da ake aiko maka a jerin.

Mai Kyamara:
To Baba, bari in ɗauko na wani biki da na yi bara. Bidiyo biyu na ba su, gajere na minti shida da dogo na awa ɗaya. A kan gajeren suka aiko abu uku. Na farko, na rubuta sunan amarya da harafi ɗaya ba daidai ba a farkon bidiyon. Na biyu, a 02:47 akwai wata baƙuwa da ba sa so fuskarta ta fito, a sa wani hoton a wurin. Na uku, a canza waƙar da ke ƙasa.

Na farkon laifina ne tsantsa, minti biyu na gyara. Na biyun ba laifin kowa ba ne, zaɓinsu ne, kuma bai fi rabin awa ba: na koma cikin ɗanyen hoto, wato duk abin da kyamara ta ɗauka kafin a tace, na samo wani mai tsawon daƙiƙa huɗu daga wannan lokacin na bikin, na daidaita launinsa da na maƙwabtansa don kada ya yi bambarakwai.

Na ukun ne ya ci min kwana biyu, kuma su a ganinsu shi ne mafi sauƙi, cire wannan sa wancan. Ni kuwa a kan bugun waƙar nake yanka hoto. Waƙar farko bugu 120 take yi a minti, ina sauya hoto duk bayan bugu takwas, wato duk daƙiƙa huɗu. A minti shida hotuna 90 ke nan. Wadda suka zaɓa bugu 90 take yi, bugunta takwas ya ɗan haura daƙiƙa biyar, sai ya zama minti shidan ba zai ɗauki fiye da hotuna 67 ko 68 ba. Sama da ashirin dole su fita, sauran kuma kowanne sai an ƙara masa tsawo, wasu ma ba su da sauran tsawon da za a ƙara, domin daga nan kyamarar ta girgiza ko wani ya gifta. Idan ka ɗora sabuwar waƙar haka kawai, ko wanda bai san aikin ba zai ji bidiyon yana ɗingishi, hoto ya sauya a inda kiɗan bai ce a sauya ba.

Tsohon Tafinta:
Madalla. Ka ga abu uku ne, kuma Hausa tana da sunan kowanne. Sunan da ka rubuta ba daidai ba, wannan gyara ne, kuma ba a ƙirga shi. Sauya hoton baƙuwa kwaskwarima ce: abin lafiyarsa ƙalau, an ɗan taɓa shi ne ya dace da son mai shi. Canza waƙa kuwa garambawul ne, irin wanda bakanike ke yi wa inji, a kwance a sake ɗaurawa. Abin da kake ba su sau biyu a cikin kuɗin aiki kwaskwarima ce. Garambawul sai an sake magana.

Ɗan Edita:
Na yarda da rabon, Baba. Amma mu a wajen aiki "tacewa" muke cewa, ko editin. Me zai hana a ce "sake tacewa zagaye biyu"?

Tsohon Tafinta:
Tacewa sunan aikin ne gaba ɗayansa, daga ɗanyen hoto zuwa gamawa. In ka yi alkawarin sake tacewa, ka yi alkawarin garambawul ke nan da bakinka. Ga shi kuma wasu in sun ji tacewa, hankalinsu kan tafi ga cire abin da bai kamata a gani ba. "Zagaye" ba laifi, amma ni "karo" ya fi kwanta min, ko kakar amarya ta san karo na farko da karo na biyu.

Amaryar Bara:
Ku bar ni in faɗi nawa, ni ta ɗaya ɓangaren nake. Wanda ya yi mana namu bai rubuta mana komai ba, linki kawai ya turo. Na kalla a waya na aika masa saƙon murya, washegari mijina ya aika nasa, yayata ma ta kira shi. Da na sake tuno wani abu sai ya ce ai mun cinye damarmu, kowane saƙo ya ƙirga shi ɗaya. Wallahi na ji zafi, har yau jawabin mahaifina a yanke yake a tsakiya. Bayan wata biyar na koma na ce zan biya, ya ce ya goge ɗanyen hoton. Don Allah Malam, duk kalmar da kuka zaɓa, ka faɗa wa mutane me ake ƙirgawa, da ranar da za ka goge.

Mai Kyamara:
Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya. Maganarki ta sa na ƙara layi biyu. Ga yadda ta zama, ku duba min:

"Ango da amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Bidiyon bikinku ya kammala: gajere na minti shida da dogo na awa ɗaya, duka MP4. Dogon ya kai wajen giga bakwai, ku sauke shi inda intanet ke da ƙarfi, ku adana a wuri biyu, domin linkin zai daina aiki bayan kwana talatin. Ku kalli fayil ɗin da kuka sauke, ba wanda aka tura ta WhatsApp ba, shi yakan matse bidiyo ya rage kyansa.

Ku yi bitarsa cikin kwana goma sha huɗu. Idan kun ga kuskure daga gare ni, kamar suna ko kwanan wata ba daidai ba, ko murya ta saɓa da motsin baki, zan gyara, kuma ba ya cikin ƙirga. Bayan wannan kuna da kwaskwarima karo biyu: cire hoto, musanya shi, rage wani wuri ko tsawaita shi. Karo ɗaya shi ne jeri ɗaya a rubuce, daga hannun mutum ɗaya da kuka zaɓa, komai yawan abin da ke ciki. Kowane abu ku sa mintinsa, misali: 02:47, a cire matar da ke hagu. Nakan dawo da aiki cikin kwana bakwai. Canza waƙa ko sake jera bidiyon garambawul ne, za mu yi maganarsa dabam kafin in taɓa. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba a ranar, babu yadda za a yi ya fito. Ɗanyen hoton zai zauna a wurina wata shida, kuma zan sanar da ku kafin in goge."

Amaryar Bara:
Da irin wannan muka samu, da jeri ɗaya muka haɗa. Sai dai ka bar amarya ta zaɓi mai aikowa, kada a ɗauka ango ne kai tsaye.

Ɗan Edita:
Ta yi, Oga, zan ɗauka. Amma akwai inda rabon nan ba ya raba gardama. Watan jiya aka ce min hoton zauren liyafa ya yi duhu. Ni da gangan na bar shi haka, domin haka fitilun wurin suke, kuma in na ɗaga hasken sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, fuskoki su yi toka-toka. Su sun ce kuskure ne. Wannan gyara ne ko kwaskwarima?

Tsohon Tafinta:
Wannan kam kalma ba za ta yanke muku ba. Ni dai da zan ce, in ba a iya gane fuskar amarya, gyara ne.

Mai Kyamara:
A wane allo, Baba? A kwamfutata fuskar takan fito tas, a wayar da aka rage wa haske ba ta fitowa. Ɗan Edita, tambaye su a me suka kalla tukuna, ka ce su gwada a talabijin, sannan ka turo min hoton wurin in gani.