Kafin ka tura gudummawar ambaliya

Bayan ambaliyar 2024 a garin Yagoua da ke arewacin Kamaru, roƙon taimako ya cika waya, har mun zauna a Marwa mun tattauna yadda ake gane na gaskiya. Wani ɗan kasuwa ya ce kafin ka tabbatar da tura kuɗi ta Orange Money, ka duba sunan mai lambar. In an ce ƙungiya ce amma sunan mutum ya fito, dakata.

Wata hajiya ta ce ita takan tambayi unguwar da sunan lawaninta, sannan ta kira ɗan'uwa a can ya je ya gani. Macuci yakan kawo hoton ambaliyar wata ƙasa, ya matsa maka ka tura yau-yau, in ka nemi rasit ya yi shiru.